Kwaɓin Gini da Kankare

Kwaɓin da ake ɗora bulo da shi haɗin siminti ne da yashi da ruwa kawai. Aikinsa haɗa bulo da yin filasta, kuma galibi kwano ɗaya na siminti yana ɗaukar kwano shida na yashi wajen gini.

Kankare kuwa ana ƙara masa tsakuwa, wadda ita ce ke ba shi ƙarfin ɗaukar nauyi. Shi ake zubawa a harsashi da ginshiƙai da dakin, tare da rodi. Awon da aka saba shi ne siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Yawan ruwa yana raunana shi sosai, kuma idan ba a riƙa jiƙa shi ba na aƙalla kwana 7 bayan zubi, sai ya tsattsage.