Shirya Man Kaɗe Domin Kasuwa: Daga Tukunya Zuwa Roba da Sitika

Man kaɗe, wanda ake samu daga ƙwallon kaɗanya, kitse ne mai daskarewa da ke fara narkewa da zarar ya ji ɗumin jikin mutum. Mata a jihohin Neja, Kwara, Kebbi da Kaduna sun daɗe suna sarrafa shi suna kai shi kasuwa curi-curi a ƙwarya ko a bokiti, kuma mai saye a nan yakan lakata ya shinshina kafin ya biya. Wanda aka zuba a roba aka rufe kuwa, zai iya yin wata shida a kan kanta, ko ya kwana biyu a motar Legas, kuma mai saye ba ya da abin dogaro sai abin da ke rubuce a jikinsa. Don haka aikin shirya shi ya rataya ne a kan tambaya guda: yaya man zai isa hannun mai saye kamar yadda ya bar hannun mai yi? Abubuwa huɗu ne ke ɓata shi a hanya, wato ruwa, zafi, haske da iska.

Ruwa ne na farko da ake kora. Man da ba a gama dafa shi ba yakan riƙe ɗan danshi, kuma wannan danshin ne ke kawo fumfuna da warin man da ya juya bayan 'yan makonni a cikin rufaffiyar roba. Gwajinsa ba ya buƙatar na'ura. Ana ɗibar cokali guda a ɗora a kan wuta kaɗan-kaɗan; idan ya yi ƙara yana tartsatsi, akwai sauran ruwa, sai a mayar da man tukunya a ci gaba da dafawa a hankali har kumfa da ƙarar su ɗauke. Bayan haka ana tace shi da farin ƙyalle mai tsabta tun yana ruwa-ruwa, don raba shi da dusar ƙwallo da toka. Tukunyar ƙarfe mai tsatsa da ta tagulla suna gaggauta lalacewar mai, shi ya sa masu sana'ar suka fi son ƙarfen da ba ya tsatsa. Ƙaurin hayaƙi kuma, idan ya riga ya kama man tun wajen suyar ƙwallo, turare ba ya ɓoye shi. Irin wannan man ya fi dacewa da sabulu.

Matsala ta biyu ita ce tsaki-tsakin da kan fito a cikin mai, wanda ake ji kamar rairayi a yatsa. Masu saye da yawa suna ɗaukar sa algus ne, alhali dalilinsa daban. Man kaɗe haɗin kitse ne iri-iri, kowanne da zafin da yake daskarewa, kuma idan aka bar narkakken mai ya huce a hankali, mai taurin ne ke fara daskarewa shi kaɗai ya zama ƙwayoyi. Maganin shi ne a ɗora kwanon man a cikin tukunyar ruwan zafi, a riƙe shi a wajen digiri 75 zuwa 80 na kimanin minti 20 har komai ya narke sarai, sannan a sanyaya shi da sauri, a firji ko a cikin baho mai ƙanƙara, ana juyawa. Amma duk ranar da man ya sake narkewa a rana ya huce da kansa, tsakin zai dawo.

Daga nan sai shawarar kayan da za a fitar. Sabon mai sana'a yakan so ya shiga kasuwa da iri takwas ko goma lokaci guda, kuma wannan kuskure ne mai tsada, domin kowane iri yana buƙatar robarsa, sitikarsa da rajistarsa daban. Iri uku sun isa farawa: tsantsar man kaɗe, man kaɗe mai laushi da aka haɗa da wani mai, da kuma man gashi ko na jiki mai ruwa-ruwa a kwalba. Dukkansu babu ruwa a cikinsu. Da zarar an sa ruwa ko ruwan wani ganye domin a yi man shafawa mai kama da madara, an shiga wata sana'ar daban, wadda ke buƙatar sinadarin hana ƙwayoyin cuta da gwajin ɗakin bincike.

Bugaggen man kaɗe, wanda ake kaɗawa da inji har ya tashi ya yi fari, yana da farin jini, amma yanayin arewa ba ya raga masa. Rabin kyansa iska ce da aka cusa a ciki. A watannin bazara, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40, yini guda a bayan mota ya isa ya narkar da shi, iskar ta fice, mai saye ya buɗe roba ya tarar da ita rabi. Nauyin bai ragu ba, amma ba wanda zai yarda ba a cuce shi ba. Wanda zai aika kaya nesa gara ya tsaya a kan man da aka zuba ya daskare. Hunturu kuma yana da tasa matsalar ga mai na kwalba: man kwakwa yana daskarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 24, sai ya ƙi fita ta siririn baki. Man riɗi ba ya yin haka a sanyinmu, don haka ya fi dacewa ya zama shi ne mafi yawa a haɗin kwalba.

A ɗauki misalin ƙungiyar mata da za ta yi kilo 10 na man kaɗe mai laushi. Za ta auna kilo 7.5 na man kaɗe, kilo 2.4 na man riɗi, giram 50 na man bitamin E wanda ke jinkirta juyawar mai, da giram 50 na turaren da aka yi domin fata. Komai da sikeli ake auna shi, ba da ludayi ba, domin dahuwar gobe ta fito daidai da ta yau. Turare da bitamin ana zuba su ne bayan man ya fara hucewa. Idan rabin kilo ya tafi a jikin tukunya da ƙyallen tata, saura kilo 9.5, wanda zai cika roba 47 mai giram 200. Ana ajiye biyu a matsayin shaida, ɗaya a ɗaki mai sanyi, ɗaya a wuri mai ɗumi, ana duba su wata-wata. Ke nan a kan roba 45 za a raba kuɗin mai, roba, sitika, kwali, itace, mota da ladan masu aiki, ba a kan 50 ba. Wanda zai yi na jarirai kuma ya cire turaren gaba ɗaya.

Wajen sayen mazubi akwai ruɗanin da ke jawo asara. 'Yan kasuwa suna sayar da roba da awon mililita, man kaɗe kuma da giram ake sayar da shi, kuma ya fi ruwa rashin nauyi. Roba mai mililita 250 takan ɗauki wajen giram 220 na daskararren mai, bugagge kuwa ƙasa da haka sosai. Kafin a buga sitika ko ɗaya, a cika roba guda a ɗora a sikeli, a cire nauyin robar, abin da ya rage shi ne za a rubuta.

Daskararren mai yana son roba mai faɗin baki, wadda haske ba ya ratsawa. A gindin yawancin robobi akwai lamba a cikin alama mai kusurwa uku. Mai lamba 5 da mai lamba 2 suna jure mai mai ɗumi, mai lamba 1 kuwa, wadda take garau kamar gorar ruwa, takan lanƙwashe idan aka zuba mata mai da zafi. Gilashi yana da kwarjini, amma yana da nauyi kuma yana fashewa a hanya. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne murfi. A cika roba da narkakken mai, a rufe, a kifa ta a kan farar takarda ta kwana. Idan da safe akwai tabon maiƙo, wannan murfin bai dace da ƙasa mai zafi ba. Fallen da ake liƙawa a bakin roba kafin murfi yana hana yoyo, yana kuma nuna wa mai saye cewa ba a taɓa buɗewa ba. Ba a rufe roba sai man ya huce, don kada gumi ya taru a ƙarƙashin murfi ya mayar da ruwan da aka sha wahalar korewa. Tsoffin robobin wani kamfani kuwa ba su da wuri a wannan sana'a.

Sitikar takarda tana shan maiƙo ta yi dabbare-dabbare, rubutun ya goge. Ta leda ce ke jurewa, kuma ana gwada ta da shafa mata man a bar ta kwana biyu. A goge jikin roba tas kafin mannawa.

Abin da ake rubutawa doka ce ke tsara shi. A Nijeriya hukumar NAFDAC ce ke yi wa kayan shafe-shafe rajista, bayan an yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC. Takan duba wurin aiki, ta gwada samfur, ta kuma duba zanen sitikar, don haka wanda ya buga dubu biyar kafin a amince da zanensa yana iya zubar da su duka. Lambar da take bayarwa ta kaya guda ce, tana aiki shekara biyar, kuma ba a aronta. Sitikar za ta ɗauki sunan kaya, tsantsar nauyinsa, sunan mai yi da cikakken adireshinsa, ranar yi da ranar ƙarewar aiki, lambar dahuwa, da jerin kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. Ana rubutawa da Turanci, kuma babu laifi a ƙara Hausa. A jerin kayan haɗi na duniya sunan man kaɗe shi ne Butyrospermum Parkii Butter, kuma mai son fitar da kaya waje da wannan sunan zai rubuta.

Lambar dahuwa ita ce mutane suka fi rainawa, alhali ita ke ceton sana'a ranar da ƙorafi ya zo. Lamba kamar 250314A tana nufin dahuwar farko ta ranar 14 ga Maris 2025, kuma a littafin aiki an rubuta inda aka sayi man da shagunan da aka kai. Idan wata roba ta yi wari, roba 45 kawai za a janye. Ranar ƙarewa kuma robobin shaida ne ke tabbatar da ita. Tsantsar mai busasshe yakan kai shekara biyu a wuri mai sanyi, amma ga wanda aka haɗa da wani mai, wata 12 ya fi aminci.

Sauran abin lura shi ne alkawari. Ana iya rubuta cewa man yana laushin fata, yana rage kaushi da bushewar hunturu. Rubuta cewa yana warkar da ƙyasbi, makero ko ciwon gaɓoɓi ya mayar da shi magani a idon hukuma, kuma magani yana da tasa rajistar mai tsauri. Man da aka haɗa da na riɗi ba a kiransa tsantsa, wanda aka sa wa launi kuma dole a ambaci launin. A ƙasan sitika ya kamata a gaya wa mai saye ya ajiye shi nesa da rana, ya ɗiba da busasshen hannu, kuma idan ya narke a hanya ya sa shi a wuri mai sanyi ya sake daskarewa, domin narkewa ba lalacewa ba ce.