Idan jimillar takardar neman biya ta kauce

A ce dillali a Kano ya kawo wa kamfani buhun siminti 50, kowanne naira 9,000. Kuɗin kaya 450,000 ke nan. Harajin VAT a Najeriya kashi 7.5 cikin ɗari ne, wato 33,750, don haka jimilla ta zama 483,750. Amma takardarsa ta nuna 493,750.

Akanta ba ya soke lambar da biro, domin takardar ta dillali ce, kuma mai binciken asusu ba ya yarda da takarda mai goge-goge. Sai ya rubuta masa:

"Alhaji, barka da aiki. Mun karɓi takardarku mai lamba 214, amma jimillarta ta zarce da naira 10,000. Kuɗin siminti da haraji 483,750 ne. Don Allah a aiko da gyararriya mai ambaton lambar ta farko, sai mu biya."

A ganina, ƙarfin saƙon yana wajen nuna lissafin. Wataƙila dubu goman kuɗin dako ne da aka manta ba a rubuta ba, sai Alhaji ya ba shi layinsa a sabuwar takardar.