Tifa nawa ta marmara za ta ishi hanyar unguwa?

Idan mutanen unguwa suka haɗa kuɗi don zuba marmara a hanyar da ta haɗa su da babban titi, tambayar farko ita ce tifa nawa za a sayo. A nan ake yawan yin asara, domin ƙasar da tifa ke juyewa a sake take, cike da iska, ita kuwa hanya sai an daɓe ta da rola ake auna kaurinta. Wanda bai raba waɗannan awo biyu ba, ƙasa za ta ƙare masa aiki bai kai ƙarshe ba.

Mu ɗauki hanya mai tsawon mita 200 da faɗin mita 4, ana son kaurin marmara ya zama santimita 15 bayan daɓe. Da farko a mayar da komai zuwa mita, wato santimita 15 ta zama 0.15. Tsawo sau faɗi ya ba da murabba'in mita 800, sau 0.15 kuma ya ba da kubik mita 120. Wannan shi ne adadin ƙasar da za ta kwanta a hanya bayan rola ta gama aikinta.

Abin da za a sayo ya fi haka. Marmara sakakkiya takan ragu idan aka danne ta, shi ya sa masu aikin hanya kan ninka adadin da 1.25 zuwa 1.3, gwargwadon irin ƙasar. Da 1.3, kubik 120 ya koma 156. Sai a ɗora kashi 5 cikin ɗari saboda wadda za ta zube a gefe da wadda ƙananan ramuka za su shanye, a tashi da kusan 164.

Saura tifa. Kada a dogara da sunan da direba ya kira motarsa, a sa tef a auna cikin bodinta. Idan tsawonsa mita 4.5 ne, faɗi 2.2, zurfi 1, to tana ɗaukar kusan kubik 10 in an cika ta har baki, kenan sahu 17 ake bukata. Ya kamata a ajiye mutum guda yana leƙa kowace mota kafin ta juye, don lodin da bai cika ba yakan cinye sahu guda ba a ankara ba.

Da a ce an tsaya a 120 an sayo tifa 12, bayan daɓe kubik 92 kawai za a samu. In aka baje shi a kan murabba'in mita 800, kaurin zai tsaya a santimita 11 da rabi. Ido ba zai gane ba ranar da aka gama, amma damina ɗaya da 'yan motocin yashi sun isa su tona asiri.

Akwai wani wurin da ƙasa ke ɓacewa wanda ba a cika lura da shi ba, wato doron hanya. Dole tsakiya ta fi gefe tudu don ruwa ya gangara kwata, kuma a hanya mai faɗin mita 4 wajen santimita 10 ake so. Idan gireda ta fitar da doron tun a ƙasar asali, lissafinmu yana nan daram. In kuwa aka bar ƙasan a shimfiɗe aka ce da marmara za a tayar da doron, sai an ƙara kubik 40 daɓaɓɓe, wato tifa biyar da 'yan kai. A ganina kuɗin gireda ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Wajen bajewa, a kafa turaku a gefe, a yi musu alama a santimita 20, domin daga nan ne ƙasa za ta sauka zuwa 15. A yayyafa ruwa kafin rola ta hau. A damƙi ƙasar a hannu: in ta dunƙule ba ta jiƙa tafi ba, ta yi daidai, in ta warwatse, ruwa ya yi kaɗan, in tana maƙalewa a jikin rola, ya yi yawa. Bayan daɓe a haƙa ɗan rami a wurare daban-daban, a sa tef a ga kaurin da ido.

Ita kwalta da tan ake sayar da ita. A wannan hanya, kaurin santimita 4 zai ba da kubik 32. Kubik ɗaya na kwaltar da aka danne yana da nauyin tan 2.3 zuwa 2.4, don haka da 2.4 ana bukatar kusan tan 77, da ƙarin kashi 5 ya zama 81. A nan ba a sake ninkawa da 1.3, saboda nauyin da aka yi lissafi da shi na kwaltar da rola ta riga ta danne ne. Sai dai in za a shimfiɗa kwalta mai faɗin mita 4, marmarar da ke ƙarƙashinta ta fi ta faɗi ta kowane gefe don kada baki ya karye, kuma da wannan sabon faɗin za a sake lissafin tifa.