Kwamfutarka ta ce "No Bootable Device"? Kada ka yi gaggawar goge ta

Ka danna makunni, tambarin kamfani ya fito, kana jiran Windows sai baƙin allo da 'yan kalmomi: `No Bootable Device`. Haka Acer ke rubutawa. HP kan ce `Boot Device Not Found`, Dell kuma `No Boot Device Found`. Mutane da yawa da zarar sun ga wannan sai su ɗauka faifan ajiya ya ƙone, su garzaya wurin mai gyara, shi kuma ya ce sai an goge an ɗora sabon Windows. Sau tari faifan lafiyarsa lau, hotuna da takardu suna nan daram. Kwamfutar ce take nema a inda bai kamata ba, ko take nema ta hanyar da ba ta dace da faifan ba.

Kafin Windows ya farka, akwai wata ƙaramar manhaja da ke zaune a jikin allon kayan kwamfutar, wadda aka saba kira BIOS. Aikinta ta duba kayan aiki, sannan ta bi jerin wuraren da aka ce ta nemi abin tayarwa, ɗaya bayan ɗaya: filashi, faifan ciki, hanyar sadarwa. Wannan jeri shi ne `Boot Order`. Idan filashi ne a sama kuma ka manta wani a soke, wasu kwamfutocin sukan tsaya a kansa su ƙi wucewa. Wannan mai sauƙi ne: zare duk abin da ke soke, ka sake kunnawa.

Mai wuyar ganewa shi ne saɓanin hanya. Hanyoyin tayarwa biyu ne. Tsohuwar, wadda a allo ake rubuta mata `Legacy` ko `CSM`, ta samo asali daga kwamfutar IBM ta 1981. Ita abu ɗaya ta sani: ta je farkon faifai, ta karanta wani ɗan yanki mai bayit 512 da ake kira MBR, ta bi umarnin da ta tarar. Sabuwar, `UEFI`, ba ruwanta da wannan umarni. Tana neman wani keɓantaccen ɓangare na faifan ne, wanda a Windows yakan kai kamar megabayit 100, ta buɗe wani fayil a cikinsa mai suna `bootmgfw.efi`. Windows kuma, idan aka ɗora shi ta hanyar UEFI, yana tsara faifan da wani tsari daban mai suna GPT. Kamar 'yan aike biyu ne: ɗaya an ce masa ya duba bakin ƙofa zai ga saƙo, ɗayan an ce ya shiga wani ɗaki ya buɗe akwati. In ka ajiye saƙon a akwati ka turo mai duba bakin ƙofa, zai dawo ya ce babu komai, kuma bai yi ƙarya ba.

To me ke sauya hanyar, alhali mai kwamfuta ya rantse bai taɓa komai ba? Ɗauki misalin kwamfutar cinya ta Acer da aka ƙera a zamanin Windows 8, wato daga 2012, lokacin da sababbin kwamfutoci suka fara zuwa da UEFI a kunne tun daga masana'anta. Irinsu sun cika kasuwannin kayan hannu. Mai sayarwa ya fi son Windows 7, sai ya shiga saiti ya mayar da `Boot Mode` zuwa `Legacy`, ya goge faifan ya tsara shi a MBR. Shekaru suna tafiya, aka ɗaga shi zuwa Windows 10, har yanzu a kan tsohuwar hanya. Ran nan ɗan ƙaramin batirin da ke riƙe agogo, mai kama da kwabo, wanda galibi lambarsa CR2032 ce, ya mutu. A kwamfutoci da yawa hakan na sa saiti ya koma yadda ya fito daga masana'anta, wato UEFI. Kwamfutar ta tashi tana neman ɓangaren da babu shi a faifan, sai ta buga saƙon. Sabunta BIOS na iya jawo haka, haka ma yaro da ya shiga saiti ya danna `Load Defaults`, ko ɗauke faifai daga tsohuwar kwamfuta zuwa sabuwa.

Binciken yana farawa ne daga shiga saitin. Da ka kunna, ka riƙa danna F2 a Acer da Dell, ko F10 a HP. Abu na farko da za ka duba shi ne ko an ga faifan. A Acer, shafin `Information` yana da layin `HDD Model Name`. Idan akwai suna da lamba a gabansa, kwamfutar tana ganin faifan, ka ɗan kwantar da hankali. Idan ya ce `None`, maganar ta bar saiti: ko faifan ya zame daga mazauninsa, ko ya lalace, kuma ko ka kwana kana juya saiti ba abin da zai canza. Daga nan ka kalli kwanan wata. In ya koma wata shekara da ta wuce tuntuni, batirin ne ya mutu, kuma ka gano mai laifi.

Sai ka je shafin `Boot`. Ɗauki hoton yadda ka same shi da waya kafin ka taɓa komai. A misalinmu za ka ga `UEFI`, kuma babu `Windows Boot Manager` a jerin. Mayar da shi `Legacy`, ka tabbata faifan ciki ne a sama, ka danna F10 ka adana. Idan saɓanin hanya ne kawai, Windows zai tashi kamar ba abin da ya faru. In kuma akasin haka ne, wato faifan GPT ne amma saiti yana kan `Legacy`, sai ka mayar da shi `UEFI` ka ɗaga `Windows Boot Manager` sama. Juya wannan saiti ba ya goge ko fayil ɗaya. Abin lura kawai, idan an kulle faifan da BitLocker, zai iya tambayarka lambar kuɓutarwa mai alƙaluma 48, don haka ka nemo ta tukuna.

Wanda ba ya son kintace zai iya tambayar faifan kansa. A tayar da kwamfutar da filashin ɗora Windows, a danna Shift da F10 tare, a rubuta:

```
diskpart
list disk
```

Tauraro a ƙarƙashin `Gpt` yana nufin Windows ɗin da ke kan faifan UEFI yake so. Babu tauraro, MBR ne, `Legacy` yake so. A tsaya nan. A cikin wannan manhaja akwai umarnin `clean`, wanda ke share tsarin faifan gaba ɗaya ba tare da ya tambaye ka ko ka tabbata ba, kuma wasu masu gyara hannunsu na saurin kaiwa gare shi.

Akwai inda dabarar juya saiti ba ta aiki. Kwamfutoci da yawa na 'yan shekarun nan ba su da `Legacy` ko kaɗan, don haka tsohon faifan MBR ba zai tashi a cikinsu ba. Windows 11, da ya fito a 2021, shi ma UEFI yake buƙata. Maganin shi ne a sauya faifan zuwa GPT da umarnin `mbr2gpt`, wanda Microsoft ta saka a Windows 10 tun 2017. Ana fara `mbr2gpt /validate /disk:0 /allowFullOS`, a sa lambar faifan da `list disk` ya nuna a madadin 0 in ta bambanta, a ga ko faifan zai karɓa, domin ba ya yarda da faifan da manyan ɓangarorinsa suka wuce uku, sannan `mbr2gpt /convert /disk:0 /allowFullOS`. An yi shi ne don kada a rasa fayil, amma mai hankali zai kwafe kayansa tukuna, kuma bayan an gama dole saiti ya koma `UEFI`, in ba haka ba saƙon zai dawo.

Idan batiri ne sanadi, a sauya shi, don in an bar shi saitin zai sake zamewa. Kuma duk mai gyaran da ya ce maka sai an goge, ka ce ya fara nuna maka sunan faifan a allon saiti, ya kuma gwada ɗaya hanyar a gabanka.