Yadda ake rubuta jerin abubuwan da ba a so a bidiyon ƙirƙirarriyar basira

Bidiyon talla da aka haɗa da ƙirƙirarriyar basira yakan lalace ta wurare uku: hannu mai yatsu shida, rubutu marar ma'ana, da tambarin da ba wanda ya nema. Ga mai haɗa tallace-tallace a Samaru, kowane gwajin da ya lalace kuɗin manhaja ne da na data suka tafi a banza.

Wasu manhajoji suna da gurbi na musamman mai suna `negative prompt`, inda ake jera abin da ba a so ya fito. Manhajar tana fara bidiyo ne daga dishi-dishi, tana tace shi mataki-mataki. A kowane mataki tana matsawa kusa da bayanin da aka ba ta, tana kuma nisantar abin da ke cikin wannan gurbi. Shi ya sa Google ya shawarci masu amfani da Veo da su ambaci sunan abin kawai, ba tare da `no` ko `don't` ba. Runway kuwa ya yi gargaɗin cewa Gen-4 ba ya karɓar umarnin hani, yana ma iya fito da abin da aka hana.

A ɗauki misalin ɗan kasuwar Sabon Gari da ke son bidiyon daƙiƙa 8, inda mace ke warware turmin atamfa a gaban shago. Jerin da ya dace gajere ne:

```
extra fingers, fused fingers, deformed hands, subtitles, signboard text, watermark, brand logo
```

A lura cewa ba a rubuta `hands` kaɗai ba. Idan aka yi haka, manhajar na iya ɓoye hannuwan gaba ɗaya, alhali su ne ke riƙe da atamfar. Haka kuma jeri mai tsawo yakan raunana tasirin kowace kalma. Dabara ita ce a riƙe lambar `seed` ɗaya, inda manhajar ta ba da dama, ana ƙara kalma ɗaya-ɗaya don a gane wadda ta yi aiki.

Sai dai jerin yana rage kuskure ne, ba ya kawar da shi. Dole ainihin bayanin ya taimaka: a nemi motsin hannu a hankali da bango marar allo, domin da zarar an ambaci kasuwa, manhajar takan cika ta da allunan shaguna masu haruffan ƙarya. Sunan shago da farashi kuwa a ɗora su daga baya da CapCut, tunda haruffan ɓ, ɗ da ƙ sun fi saurin gurɓacewa.

Kafin a miƙa aiki, a duba bidiyon hoto bayan hoto. Yatsu sukan narke ne daidai lokacin da hannu ya juya ko ya kama ƙyalle, tambari kuma yakan ɓoye a ƙirjin riga ko kusurwar hoto. Tallan da ya fita da tambarin wani kamfani na iya jawo wa mai shago ƙorafi.