Taro Ɗaya, Zama Biyu: Aikin Sakatare Idan An Ɗage Taro

Duk wanda ya taɓa zama a taron ƙungiya ya san yadda abin yake ƙarewa a yawancin lokuta. An sa ƙarfe biyu, ba a fara ba sai bayan La'asar, ana tsaka da maganar kuɗi ladan ya kira Magariba. Shugaba ya dubi agogo ya ce, "Jama'a, mu tsaya nan, sai Asabar mai zuwa." Kowa ya nemi takalminsa. Sakatare ya rubuta "an tashi da ƙarfe 6:25" ya rufe littafi. Wannan layi guda shi ne yake haifar da rigima bayan wata shida, ranar da wani ya miƙe ya ce hukuncin da aka yanke a Asabar ta biyu bai halatta ba.

Asabar ta biyu ba sabon taro ba ce. Ci gaban na farko ce, kamar yadda matafiyi yake yada zango ya kwana, gari ya waye ya ɗora daga inda ya tsaya. Saboda haka rubutaccen bayanin taro, wanda aka fi sani da minit, dole ya ɗaure zaman biyu da juna, ta yadda wanda bai halarta ba zai karanta ya gane cewa tafiya ɗaya ce. Sai dai akwai abin da ba ya bin taro zuwa zama na biyu, wato cikar adadin mahalarta da doka ta ce sai da su za a yanke hukunci, abin da 'yan boko ke kira kworam. Ajanda tana tsallakawa, ƙudirin da aka bari a kan teburi yana tsallakawa, amma mutane sai an sake ƙirga su.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce 'yan kasuwar hatsi 60 sun haɗa jari sun yi wa kamfaninsu rajista. Dokar Kamfanoni ta Nijeriya ta 2020, wadda ake kira CAMA, ta tanadi a sashe na 256 cewa idan ƙa'idojin kamfani ba su faɗi wani abu daban ba, adadin da ake buƙata a babban taro shi ne kashi ɗaya bisa uku na mambobi ko kuma mutum 25, a ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta. Ɗaya bisa uku na 60 shi ne 20, don haka 20 ne adadinsu, kuma ana ƙirgawa har da wanda ya aiko wakili da takarda. Dokar ta ƙara da cewa adadin ya kasance a lokacin da aka fara aiki, ya kuma ɗore har ƙarshen taro.

Ranar Asabar 7 ga wata mutum 34 suka zo. Batutuwa bakwai ne a ajanda. An gama huɗu, aka shiga na biyar, rabon riba. Daraktoci sun ba da shawarar naira 5 a kan kowane hannun jari. Wani mamba ya kawo gyara cewa a rage zuwa naira 4, wani ya mara masa baya. Doka ta ba babban taro ikon rage abin da daraktoci suka ba da shawara, ba ta ba shi ikon ƙarawa ba, don haka gyaran yana kan hanya. Ana cikin muhawara lokaci ya ƙure.

A nan ne sakatare yake buƙatar natsuwa, alhali a daidai lokacin ne kowa yake gaggawa. Ga irin abin da ya kamata ya rufe zaman da shi:

"Da ƙarfe 6:25 na yamma, saboda ƙurewar lokaci, shugaba ya nemi amincewar taro a ɗage zama, taro kuwa ya amince, mambobi 31 suna zaune. An ɗage zuwa Asabar 14 ga wata, ƙarfe 2:00 na rana, a wannan zauren. An kammala batu na 1 zuwa na 4. An tsaya a batu na 5, ana muhawara a kan gyaran rage riba daga naira 5 zuwa naira 4, ba a kaɗa ƙuri'a ba. Batu na 6 da na 7 ba a taɓa su ba."

A cikin wannan sakin layi, kalmomin da suka fi nauyi su ne "saboda ƙurewar lokaci" da "mambobi 31 suna zaune". Dalilin ɗagewa ne yake yanke adadin da za a nema a zama na biyu, kuma a nan ne na ga ƙungiyoyi da dama suna yin tuntuɓe. Sashe na 264 na dokar ya ce idan aka kira taro, awa ɗaya ta wuce adadi bai cika ba, taron ya ɗagu zuwa rana irin ta a mako mai zuwa, a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, sai in shugaba, ko daraktoci idan ba ya nan, sun sa wata rana. In aka dawo, mutum biyu ma sun isa, kuma hukuncinsu ya hau kan kowa. Idan kuwa mambobi ne suka tilasta kiran taron da kansu, to rashin cikar adadi ya rushe shi ke nan. An yi wannan sassauci ne don kada masu ƙin zuwa su riƙe kamfani a wuya. Amma sassaucin na taron da aka ɗage saboda rashin mutane ne. Taronmu na 'yan hatsi ya cika, dare ne ya kore su, don haka ranar 14 ga wata sai an sami mutum 20 cif. Sakataren da ya rubuta "an tashi" kawai ya bar ƙofa a buɗe: mutum takwas za su iya zama su ce ai zaman ɗagewa ne, ko mu biyu mun isa, kuma babu abin da za a nuna musu a littafi.

Ranar 14 ta zo. Kafin a ce uffan a kan riba, sai a buɗe sabuwar takardar sa hannu. Kada a ɗauko ta makon jiya a ci gaba da ita, domin sa hannun Asabar ta farko shaida ce ta wanda ya zauna a ranar kaɗai. Wanda ya zo makon jiya bai zo yau ba, ba ya cikin lissafi. Wanda bai zo makon jiya ba ya zo yau, yana ciki, yana da bakin magana da ƙuri'a, tunda mamba ne. Takardun wakilci su ma a sake duba su: a ga ko sun haɗa da zaman da aka ɗage, a kuma ga ko mai takardar ya zo da kansa, kada a ƙirga mutum ɗaya sau biyu. Sannan minit ya buɗe kamar haka:

"Ci gaban babban taron shekara da aka fara ranar Asabar 7 ga wata aka ɗage zuwa yau. An koma zama da ƙarfe 2:40 na rana. Sakatare ya ƙirga mambobi 19 da wakilai 3, jimla 22. Adadin da ake buƙata 20 ne. Shugaba ya bayyana cewa adadi ya cika. An ci gaba daga batu na 5, a kan gyaran da aka bari."

Ina ba da shawarar a rubuta lambobin biyu, na waɗanda suka zo da na abin da ake buƙata. "Adadi ya cika" ra'ayin shugaba ne, amma 22 a gefen 20 lissafi ne da kowa zai iya bin diddiginsa a takardar sa hannu. Lambobin batutuwa kuma su ɗora daga 5, kada su koma 1, domin komawa 1 ita ce alamar farko da ke sa mai karatu ya zaci sabon taro ne.

Tsarin aiki a zaman yana bin inda aka tsaya. Gyaran naira 4 ake fara kaɗa wa ƙuri'a, sannan asalin ƙudirin. Ba a sake buɗe batu na 1 zuwa na 4, kuma ba a shigo da sabon batu. Idan wani ya ce, "Ranka ya daɗe, tunda mun taru, mu yi maganar sayar da tsohon sito," amsar shugaba ita ce doka ta taƙaita zaman ga abin da aka bari bai kammalu ba. Dalilin a fili yake. Ba a aika sabuwar sanarwa ba, waɗanda suka zauna a gida sun zauna ne bisa ajandar da suka sani. Sai ɗagewa ta kai kwana 30 ko fiye ne doka ta wajabta a sake aika sanarwa kamar ta taron farko.

Tazarar 22 da 20 siririya ce, kuma nan ne ido zai kasance a ƙofa. A ce an gama batu na 5, mutum uku suka fita, saura 19. Sakatare ya rubuta lokacin fitarsu da adadin da ya rage, ya kuma sanar da shugaba nan take. Dokar ta bambanta fita iri biyu. Idan shugaba ya ga an fita ne ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba, don kawai a karya adadi, taro zai iya ci gaba da waɗanda suka rage. Idan kuwa uzuri ne na gaskiya, sai a sake ɗagewa zuwa mako guda. Ko wanne shugaba ya zaɓa, a rubuta hukuncinsa da dalilinsa, domin a kansa batu na 6 da na 7 za su tsaya ko su faɗi. Haka ma bayan an dawo daga sallah: hutun minti ashirin ba ɗage taro ba ne, amma sau da yawa waɗanda suka fita alwala ba duka suke dawowa ba, don haka ƙirga kawuna kafin ƙuri'a ba ɓata lokaci ba ne.

Sai maganar kwanan wata. Ko da yake taron ɗaya ne, sashe na 263 ya ce ƙudirin da aka zartar a zaman ɗagewa yana ɗaukar ranar da aka zartar da shi a zahiri. Ribar 'yan hatsi ta 14 ga wata ce, ba ta 7 ba. Wannan yana da tasiri, domin akwai ƙudirorin da ake kai wa Hukumar Rajistar Kamfanoni cikin kwana 15 da zartar da su, kuma daga ranar gaskiya ake fara lissafi.

Ƙungiyoyin gama kai, na iyaye da malamai, da kwamitocin masallaci ba wannan lissafi na ɗaya bisa uku ko 25 suke bi kai tsaye ba. Kowacce ta buɗe kundin tsarin mulkinta ta ga adadin da ya sa, da abin da ya ce game da ɗagewa. Idan kundin bai ambaci sassauci ba, kada a aro na kamfanoni, a nemi cikakken adadi a kowane zama.

Ko a rubuta minit ɗaya mai kashi biyu, ko biyu da kowanne yake ambaton ɗan'uwansa, duka suna yi. Ni na fi son guda ɗaya, da kanun "Zama na Farko" da "Zama na Biyu", a liƙa takardun sa hannu biyu a bayansa. Idan mataimaki ne ya jagoranci zama na biyu saboda shugaba ya yi tafiya, a rubuta sunansa da yadda aka yi ya hau kujerar, a daidai layin da ke bin ƙirgar mahalarta.