Giɓin da Ke Cin Takarda: Ku Duba Tazarar Sakin Layi Kafin Ku Buga

Duk wanda ya taɓa kai rubutu shagon kwamfuta a Mayo, ko a kusa da Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa a kudancin Khartoum, ko can Omdurman wajen ɗaliban Jami'ar Musulunci, ya san shafi ake ƙirgawa a biya. Kundin bincike ne, takardar neman aiki ce, ko wasiƙar ƙungiyar unguwa, kowane shafi da kuɗinsa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kuwa, takarda da tawada da wutar lantarki ba abin wasa ba ne. To akwai wani abu da ke ƙara wa mutane shafuka ba su sani ba: giɓi mai faɗi tsakanin sakin layi da sakin layi a manhajar Word. Ka sa alamar rubutu a wurin ta ƙi zama, ka danna Backspace sai sakin layin biyu su haɗe, ka raba su giɓin ya dawo. Wasu sai su ce fayil ya kamu da cuta, wasu su zargi mai shago.

Fayil lafiyarsa lau. Kowane sakin layi a Word yana ɗauke da lambobi biyu: filin da za a bari a samansa, da wanda za a bari a ƙasansa. A allon Turanci sunansu Before da After, a ƙarƙashin Spacing. A kwamfutar da aka saita da Larabci, irin wadda ta yawaita a Sudan, su ne قبل da بعد a ƙarƙashin تباعد. Ana auna su da pt, kuma pt 72 ne inci ɗaya, wato santimita 2.54. Wannan fili ba harafi ba ne da aka buga, shi ya sa ba ya goguwa.

Asalin rikicin tsohon sabo ne. A Word na 2003 lambobin nan sifili suke, don haka masu buga rubutu suka saba danna Enter sau biyu don raba sakin layi. Da Word na 2007 ya fito, sai kamfanin Microsoft ya sa After ya zama pt 10 tun daga tushe, daga na 2013 kuma aka mai da shi pt 8. Manhaja ta canza, hannu bai canza ba.

Mu ɗauki ɗalibar da ta buga kundinta da haruffan Times New Roman masu girman 14, tazarar layi 1.5, After kuma pt 10, tana danna Enter sau biyu. Enter na biyun yana haifar da sakin layi wanda babu komai a cikinsa, amma yana da tsayin layi guda, kusan pt 24, kuma shi ma yana jan nasa pt 10 a ƙasa. Giɓin da ya kamata ya tsaya a pt 10 ya koma pt 44, santimita ɗaya da rabi ke nan. Idan akwai irinsa biyar a shafi, an yi asarar pt 170, kusan santimita shida. Takardar A4 tsayinta santimita 29.7 ne, in an cire gefen sama da na ƙasa abin da ya rage wa rubutu bai kai 25 ba. Kashi ɗaya cikin huɗu na shafin ya tafi a banza. A kundi mai shafi 80, kusan shafi 20 farar takarda ce za ta biya, kuma a kowane kwafi.

Kafin a taɓa komai, a fara gano wane irin giɓi ne. Danna Ctrl+Shift+8, ko alamar ¶ da ke shafin Home. Za ka ga ¶ a ƙarshen kowane sakin layi. In ka ga ¶ tsaye ita kaɗai a tsakiyar giɓin, Enter ce ta yi yawa, goge ta. In suna da yawa, buɗe Ctrl+H, ka sa ^p^p a akwatin sama, ^p a na ƙasa, ka riƙa sauyawa kana dubawa. In kuwa giɓin fari ne fat babu ¶, to tazara ce. Sa alamar rubutu a sakin layin da ke sama, ka danna Shift+F1. Wani fanni zai buɗe a gefe mai suna Reveal Formatting, ya nuna maka lambobin. Ko ka leƙa shafin Layout, wato تخطيط, inda akwatunan biyu suke a fili.

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe: sai su duba na sama kawai. Giɓi na sakin layi biyu ne, After na sama da Before na ƙasa. A fayilolin Word na yanzu ba a tara su, wanda ya fi girma shi ke aiki. Idan na sama yana da After na pt 10, na ƙasa kuma kan babi ne mai Before na pt 24, kamar yadda Heading 1 yake a Word na 2007, ko ka mai da goman nan sifili giɓin ba zai motsa ba. A wasu tsofaffin fayiloli masu ƙarewa da .doc kuwa tara su ake yi, ka samu 34. Saboda haka a duba duka biyun.

In ka tarar da Before na pt 12 a sakin layi ɗaya tak, mai yiwuwa wani ya danna Ctrl+0 bisa kuskure, domin aikinsa ke nan a Word. Sake dannawa ya cire. In ka ga kalmar Auto a akwatin, galibi rubutun daga intanet aka kwafo shi, kuma takan bar kusan pt 14. In ka zaɓi sakin layi da yawa ka ga akwatin fayau, alama ce lambobinsu sun sha bamban.

Gyaran da ke ɗorewa a salo ake yin sa. A shafin Home, danna Normal da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Modify, sai Format, sai Paragraph, ka sa Before sifili, After pt 6 ko abin da sashenku ya gindaya. Ni ba na goyon bayan a danna Ctrl+A a mai da komai sifili, ko da yake shi ne mafi sauri, don kan babi zai manne da rubutu, aikin ya cushe.

Sakin layin da ya ƙi bin salo, an sa masa lamba da hannu ne, kuma Ctrl+Q na mai da shi kan salonsa. Amma masu haɗa Hausa da Larabci a fayil ɗaya su yi hattara. Ctrl+Q na share duk saitin sakin layi da aka yi da hannu, har da juya rubutu daga dama zuwa hagu, sai ka ga aya ko hadisi ya koma gefen hagu. A irin wannan wuri gara a gyara lambar kaɗai.

Idan lambobin duk daidai suke amma ƙasan shafi ya zama fili, leƙa Line and Page Breaks a akwatin Paragraph, ka ga ko an sa alama a Page break before ko Keep with next. Bayan gyara, adana kwafi a PDF, ka ƙirga shafukan da kanka kafin ka miƙa wa mai shago.